Baƙin hijabi ko fari: me launi yake canjawa a cikin rana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kula da wata makarantar Islamiyya a wani ƙauye kusa da Gumel. Muna shirin canja wa ɗalibai mata yunifom, sai kan iyaye ya rabu. Wasu sun ce a yi baƙin hijabi don ba ya nuna datti, wasu sun ce baƙi yana jawo zafi, ga yaran da ƙarfe biyu na rana suke tahowa, wasu daga nesa. Wani dattijo kuma ya ce ai Buzayen da ke zuwa kasuwar Maigatari baƙi suke sawa a cikin Sahara, da yana da zafi da ba su sa ba. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya bincike kafin a yanka yadi, domin yaran nan su ne za su ɗauki hukuncin da kuka yanke a kansu kullum rana tsaka. Na daɗe ina koyar da kimiyyar fiziks a sakandare, kuma wannan batu ne da nake so, saboda iyayen da suka ce baƙi ya fi zafi suna da gaskiya, dattijon nan ma abin da ya gani da idonsa gaskiya ne.

Zan fara da gyara kalma ɗaya. Muna cewa baƙi yana "jawo" zafi, kamar yana da wani maganaɗisu da ke janyo rana ta baro wani wuri ta taho kansa. Ba haka abin yake ba. In ka shanya baƙin ƙyalle da fari a kan tabarma ɗaya, hasken da ya sauka a kan wannan shi ne ya sauka a kan wancan, babu ragi babu ƙari. Bambancin yana cikin abin da kowanne ya yi da rabonsa. Haske in ya faɗo kan yadi, hanya uku ce a gabansa: ko yadin ya mayar da shi waje, ko ya shanye shi, ko ya bar shi ya ratsa ta cikin saƙa ya wuce. Wanda aka mayar shi ne yake shigowa idonmu, shi ya sa farin kaya yake ɗaukar ido da tsakar rana. Wanda aka shanye kuwa ba ɓata yake yi ba, rikiɗewa yake ya zama zafi a cikin zaren. Abin da muke kira baƙi shi ne abin da ya shanye kusan duk hasken da ido ke gani, bai mayar mana da komai ba sai kaɗan. Saboda haka launin da kake gani shaida ce ta yawan hasken da yadin ya haɗiye.

Hasken nan kuma ba ƙarami ba ne. A ranar da sama ta washe, ba ƙura ba hadari, murabba'in mita ɗaya da ke fuskantar rana yana karɓar wajen wat 1000. Wannan ƙarfin dutsen guga ne na lantarki. Babban mutum da ke zaune bai motsa ba, zafin da jikinsa ke samarwa wajen wat 100 ne kacal. Ka ga ashe abin da ke sauka daga sama ya isa a yi lissafi da shi.

Bari mu ɗauki yarinya ɗaya daga cikin ɗalibanka, mai shekara 12, ta fito daga gida ƙarfe biyu a watan Afrilu. A wajenku rana tana ratsawa daidai tsakar ka a ƙarshen Afrilu, sannan ta sake yin haka a tsakiyar Agusta. Da ƙarfe biyu ta ɗan karkata yamma amma tana nan sama, don haka ba duk jikin yarinyar take duka ba. Kai take samu, da kafaɗu, da gefe ɗaya na hijabin. Mu ƙiyasta faɗin wurin da kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in mita, wato wat 200 ke sauka a kanta. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, yadi ya bambanta da yadi, amma ba su yi nisa da abin da ake samu ba.

In baƙi ta sa, yadin zai shanye kamar 160 daga cikin 200 ɗin, ya mayar da 30, ya bar 10 su ratsa. In fari ne mai kauri iri ɗaya, zai shanye kamar 50, ya mayar da 120, amma wajen 30 za su ratsa su shiga ciki. Ka lura da wannan na ƙarshen, domin mutane suna mantawa da shi: fari ya fi baƙi barin haske ya wuce. Duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin farar rumfar yadi da baƙa ya san inuwar baƙar ta fi duhu.

To yanzu yadin baƙin ya tara zafi fiye da ninki uku na farin. In ka ɗora hannu a kai za ka ji, babu musu. Sai dai zafin a jikin yadi yake, bai kai ga yarinyar ba tukuna. Daga nan hanya biyu gare shi, ko ya fita waje iska ta kwashe, ko ya shiga ciki ya tarar da fata. Yadda zai rabu tsakanin hanyoyin nan biyu kuwa, launi ba shi da ta cewa a ciki. Ɗinki ne yake yanke wannan hukunci, da kaurin yadi, da iska.

Ɗauki hijabin da ya kwanta luf a ka da kafaɗa, rana ta yi tsit ba iska, a ce rabin zafin ne ya shiga ciki. Mai baƙi ta karɓi 80, ga 10 da suka ratsa, 90 ke nan. Mai fari ta karɓi 25, ga 30 da suka ratsa, 55 ke nan. Ratar wat 35 ce. Ba ta kai yadda hannu ke gaya maka in ka taɓa yadin ba, amma ba abin rainawa ba ce, don ta kai kusan rabin zafin da jikin yarinya irin wannan ke samarwa tana zaune. Yanzu sake lissafin da hijabi mai faɗi wanda ya tashi daga jiki, akwai ɗankwali da riga a ƙarƙashinsa, ga iska tana kaɗa shi. A ce kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya shiga. Mai baƙi ta karɓi 32 da 10, ya zama 42. Mai fari ta karɓi 10 da 30, ya zama 40. Sun yi kunnen doki.

Wannan lissafi na biyu shi ne amsar dattijon nan, kuma ba a kan takarda kawai ya tsaya ba, an gwada. A shekarar 1980 mujallar Nature ta buga binciken Amiram Shkolnik da Richard Taylor da abokan aikinsu, waɗanda suka yi irin tambayarsa a kan Larabawan ƙauye masu baƙaƙen riguna. Sun tsayar da mutum a rana a hamadar Negev da ke Isra'ila, wani lokaci da baƙar riga mai faɗi, wani lokaci da fara mai ɗinki iri ɗaya, suna auna zafin da ke shiga jikinsa. Zafin saman baƙar rigar ya kai digiri 47, na farar 41, amma abin da ya isa jikin mutumin ɗaya ne a duka biyun. Ƙarin zafin da baƙar ta shanye ya watse kafin ya kai fata. Riga mai faɗi tana barin iska ta yi yawo tsakaninta da jiki: mai ɗumi ta tashi ta fita ta wuya, wata ta shigo ta ƙasa, kuma duk motsin mutum ko kaɗawar iska yana ƙara hura ta kamar zuga-zugin maƙeri.

Ka dubi Buzun da ke Maigatari ranar Alhamis da kyau. Rigarsa ba ta kama jiki ba, yawanci akwai wata a ciki, rawaninsa kuma ninki ne a kan ninki, wanda zafin saman bai isa ya ratsa shi da sauƙi ba. Iskar da yake rayuwa a cikinta busasshiya ce mai shanye gumi nan take, filin kuma buɗe yake ba abin da ke tare ta. Akwai kuma dalilan da ba na zafi ba: turkuɗin da marina da mabugan Kura suka shahara da shi kayan daraja ne a wurinsu tun kaka da kakanni. Saboda haka Buzu bai tabbatar da cewa baƙi ya fi sanyi ba. Abin da ya tabbatar shi ne, in ɗinki ya yi daidai, baƙin ba ya cutarwa. Ɗalibarka kuwa hijabinta dole ya kwanta a tsakar kai da kafaɗu, daidai inda rana ta fi duka, wani lokacin ga jaka a baya ta danne shi. Ta fi kusa da lissafin farko.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa wadda nake so in kawar, domin har masu ilimi na ji suna yin ta. Wai farin kaya yana mayar wa mutum da zafin jikinsa kamar yadda yake mayar da rana, baƙi kuwa yana tsotse shi ya fitar. Maganar tana da daɗin ji amma kuskure ce. Gaskiya ne jikinmu yana fitar da zafi ta hanyar wani haske da ido ba ya gani, irin wanda kake ji a fuska in ka tsaya kusa da katangar da ta sha rana bayan magariba. Amma wannan haske daban yake da na rana, kuma rini ba ya aiki a kansa. A wurinsa farin auduga da baƙi duk ɗaya ne, kowanne yana shanye kusan kashi 90 cikin 100, yana kuma fitar da shi daidai da ɗan'uwansa. Shi ya sa da zarar yaran sun shiga aji ko sun zauna a inuwar darbejiya, batun launi ya kusa ƙarewa. Da dare kuwa ya ƙare gaba ɗaya: baƙin bargo bai fi fari ɗumi a sanyin hunturu ba, kauri ne ke aiki. In ɗaliba ta ce maka zafi na damunta a cikin aji, kada ka tuhumi launi, ka duba yadin da kwanon rufin da tagogin.

Ko a hasken ranar ma ido ba ya ba da cikakken labari. Kusan rabin ƙarfin da ke iso mana daga rana yana cikin wani sashe da ke gaba da ja kaɗan, wanda ba ma gani. Irinsa ne yake fita daga rimot ɗin talabijin, shi ya sa in ka danna rimot a gaban kyamarar wasu wayoyi sai ka ga ɗigon haske alhali idonka bai ga komai ba. Rini da yawa ba sa shanye wannan sashe sosai, don haka yadi biyu za su iya zama baƙi wuluk a ido, amma ɗaya ya fi ɗaya zafi a rana. Wannan ne dalilin da ya sa na rubuta 160 ban rubuta 200 ba, kuma shi ne dalilin da ya sa gwaji ya fi zato.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a lamarinku, kuma ban ji iyayen sun ambace shi ba. Fatar mutum tana wajen digiri 34 ko 35. A Afrilu da Mayu iskar yankinku takan kai 40 ta wuce. In iska ta fi fata zafi, to ba ta sanyaya jiki da kanta, ƙara masa take yi. Hanya ɗaya ta rage wa jiki, ita ce gumi, kuma ba fitar gumin ke sanyayawa ba, bushewarsa ce. Aikin randa ke nan: ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. In ka naɗe randa da leda, ruwan ciki ba zai yi sanyi ba ko da ledar fara ce tas. Yarinyar da ke tafiya da sauri jikinta yana samar da zafin da ya ninka waccan ratar ta wat 35 sau da yawa, kuma duk ta hanyar gumi zai fita. Yadin da ya tare wannan hanya ya fi kowane launi illa.

Yawancin yadin da ake ɗinka yunifom da shi na roba ne, ana sonsa don arha da rashin yamutsewa da riƙe launi. Zaren roba ba ya shan ruwa kamar auduga. In saƙarsa a buɗe take, iska na wucewa, da sauƙi. In kuwa mai kauri ne mai matsattsiyar saƙa, sai gumin ya taru a ƙarƙashi, yadin ya manne a wuya da baya, gumin ya riƙa gangarowa bai bushe ba, wanda ya gangara kuma asara ce, jiki ya rasa ruwa bai sami sanyi ba. Ƙuraje na zafi a wuyan yara sau da yawa daga nan suke. Da a ce za a tilasta mini zaɓi tsakanin farin hijabi na roba mai kauri da mai duhu na auduga mara nauyi mai faɗi, na biyun zan ɗaukar wa 'yata. Na taɓa yin kuskure a kan wannan a gaban aji. Na kawo farin ƙyalle da baƙi don in nuna musu bambanci, ban kula cewa farin roba ne mai kauri baƙin kuma auduga ce shara-shara ba. Yaran da suka yafa su suka ce baƙin ya fi daɗi, kuma gaskiya suka faɗa. Tun ranar ban sake gwada launi ba sai da yadi iri ɗaya.

Akwai wuri guda da launi mai duhu ya fi fari a fili. Sashen hasken rana da ke ƙona fata ya fi ratsa farin yadi mara kauri, balle in ya jiƙe da gumi. Ga yawancin yaranmu wannan ba babbar damuwa ba ce, amma in akwai zabiya a cikin ɗalibanka, to a wurinta magana ce ta lafiya, domin rana tana yi wa fatarsu mummunan lahani har da ciwon daji. Irin wannan yarinya a ba ta yadi mai matsattsiyar saƙa ko mai duhu ko ninki biyu, da malafa mai faɗi a bisa hijabin, kada dokar yunifom ta hana.

Ra'ayina a kan zaɓinku shi ne kada ku yi baƙi, kada kuma ku yi fari tas. Iyayen da suka kawo maganar datti ba son rai suke yi ba, sabulu kuɗi ne, ruwa kuma wani ne yake ɗebo shi. Farin yadi mara nauyi kuma yakan nuna abin da ke ƙarƙashinsa, ka fi ni sanin wannan ba ya cika sharaɗin sutura, in an ƙara masa kauri don gyara hakan kuma an koma matsalar gumi. Launuka masu haske na tsakiya sun fi dacewa: ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ruwan toka mai haske, ko shuɗi mai haske irin na sararin sama. Ruwan ƙasa ma ya fi baƙi ɓoye ƙurar yankinku, don ƙura fara-fara take fitowa a kan baƙi. Ku yi hattara da shuɗi mai duhu da kore mai duhu waɗanda makarantu ke so, domin a wajen rana ƙannen baƙi ne, ratar da ke tsakaninsu kaɗan ce. Ga dabara mai sauƙi: jera yadukan a rana ka ɗauke su hoto da waya, ka mayar da hoton mara launi. Wanda ya fito da duhu a hoton shi ne mai shanye hasken da ake gani da yawa.

A ɗinkin kuma a gaya wa tela ya ba shi faɗi sosai daga kafaɗa zuwa ƙasa, kada ƙasan ya tsuke, kada roba ko igiyar fuska ta matse wuya har iska ta rasa mafita. Ɗankwalin auduga a ƙarƙashi yana amfani biyu, yana raba tsakar kai da yadin da ya sha rana, yana kuma shan gumi. Masu tahowa daga nesa in sun sami lema, ta fi duk abin da muka lissafa, domin ita tana tare yawancin wat 200 ɗin tun kafin su sauka. A ajiye randa a bakin aji su sha da isowarsu. In yarinya ta iso tana jiri ko ciwon kai ko amai, a kai ta inuwa, a sassauta mata kaya, a jiƙa mata jiki a yi mata fifita, a ba ta ruwa in tana iya sha. In ta fara ruɗewa ko ta suma, a ci gaba da sanyaya ta ana hanyar asibiti, kada a tsaya jira.

Kafin ku sayi bandir a Kantin Kwari, a yanko muku yadi ɗaya-ɗaya na kala uku ko huɗu da kuke tunani. Ka kara kowanne a baki ka hura: in ka ji iskar a tafin hannunka ta ɗaya gefen ba tare da wahala ba, saƙar tana numfashi. Ka ɗiga masa ruwa ka ga ko ya shige ko ya tsaya yana gangarawa, amma ka fara wanke shi, don sabon yadi yakan zo da sitaci. Ka zare ɗan zare daga gefe ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Sannan ka tara iyayen da ƙarfe biyu, a shimfiɗa yadukan a rana minti 15, kowa ya taɓa. Daga nan a yafa kowanne a bayan hannu, sau ɗaya a manne da fata, sau ɗaya a ɗage shi kamar faɗin yatsu uku, a kuma maimaita duka a inuwa. Ka gayyaci dattijon nan, ka roƙe shi ya zo da rawaninsa a sa shi cikin gwajin, a warware ninki ɗaya a taɓa, sannan a naɗe shi ninki biyar a sa hannu a ƙarƙashi.